Jikin da Korantiyawa Ba Su Gane Ba

Karatu: 1 Korantiyawa 11:17-34

Yau za mu tsaya a kan aya ɗaya tak, wato aya ta 29 ta sura 11 a wasiƙar Manzo Bulus ta fari zuwa ga Korantiyawa. In Littafi Mai Tsarki yana kusa da kai, buɗe shi ka sa yatsa a wurin, gama za mu yi ta komawa kanta.

Abin da ayar take nufi a taƙaice shi ne, wanda ya zo teburin Ubangiji ya karɓi gurasa da ƙoƙo alhali bai gane jikin ba, ya ɗauko wa kansa hukunci. Aya ta 30 kuma ta ƙara da cewa saboda wannan ne waɗansu a Koranti suka raunana, waɗansu suka kwanta ciwo, har waɗansu suka mutu. Magana ce mai nauyi, ba kuwa wanda zai karanta ta jikinsa bai yi sanyi ba.

Kun san abin da yakan faru ran Lahadin Jibin Ubangiji. Da an gama wa'azi, dattawa suka tashi za su buɗe tebur, sai ka ga mutane suna sulalewa ɗaya ɗaya ta ƙofar baya. A cikinsu akwai waɗanda ba a yi musu baftisma ba tukuna, akwai waɗanda suke ƙarƙashin horon ikkilisiya, waɗannan mun san dalilinsu. Amma akwai waɗansu da ba wanda ya hana su. Su ne suka hana kansu. In ka tambaye su, za su ce maka ba su isa ba, zuciyarsu ba ta yi tsarki yadda ya kamata ba, suna tsoro kada su ci su jawo wa kansu ciwo ko mutuwa. Akwai mai yin shekara biyu, uku, bai taɓa ƙoƙon nan ba, kullum kuwa yana cikin sujada. Wannan aya ce ta tsare musu hanya. Don haka ya kamata mu tambaya: su ne Bulus yake nufi?

Wasiƙa dai wasiƙa ce. A ce ka tsinci takarda a bakin hanyar Kwangila, ka buɗe ka ga wani uba ya rubuta cewa kada a sake taɓa hatsin da ke rumbu sai ya dawo. Me yake nufi? In ɗansa mai almubazzaranci ya rubuta wa, tsawa ce. In kuwa matarsa ya rubuta wa, wadda take tsare da gida da yara, wataƙila yana gaya mata ne ta yi ta amfani da kuɗin da ya aiko, ta bar hatsin domin damina. Kalmomin ba su sake ba, amma sai ka san mai karɓar wasiƙar kafin ka san ma'anarta. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Maganar Allah tamu ce duka, babu shakka, amma ta ƙofar waɗansu mutane ta fara shigowa, a wani gari, a wata shekara, saboda wata damuwa tasu. Bari mu je mu ga mutanen.

Koranti gari ne na ƙasar Girka, a kan wani siririn wuyan ƙasa mai faɗin kamar kilomita 6, teku a gabas, teku a yamma, kowane gefe da tashar jiragen ruwa. Romawa sun rushe tsohon garin a shekara ta 146 kafin haihuwar Almasihu, ya zama kango wajen shekara 100. A shekara ta 44 kafin haihuwar Almasihu Yuliyas Kaisar ya sa aka sake gina shi, yawancin waɗanda aka fara zaunarwa a ciki kuwa 'yantattun bayi ne. Garin baƙi ne ke nan, garin ciniki, inda kowa ya zo neman arziki, wanda ya samu kuma yana so duniya ta san ya samu. Mutanen Zariya ba za su rasa gane irin wannan gari ba. Tun da jirgin ƙasa ya iso wajen 1911, aka kafa Sabon Gari da Tudun Wada a wajen ganuwa, mun san yadda unguwar baƙi take: kabila iri iri, harshe iri iri, mai kuɗi da ɗan dako suna gogayyar kafaɗa a kasuwa ɗaya.

Bulus ya zauna a Koranti shekara ɗaya da wata shida, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 18 ta nuna. Mun san lokacin da kyau, domin an kai shi ƙara gaban gwamna Galiyo, an kuwa sami wani rubutu a kan dutse a garin Delfi wanda ya nuna Galiyo yana mulkin Akaya wajen shekara ta 51 zuwa 52. Bayan Bulus ya tashi, ya rubuto wannan wasiƙa daga Afisa wajen shekara ta 54. Ikkilisiyar ba ta fi shekara huɗu ko biyar da kafuwa ba.

Su wane ne a cikinta? Bulus da kansa ya faɗa a sura 1 aya 26 cewa masu ilimi da masu iko da 'ya'yan manyan gida ba su da yawa a cikinsu. Lura, bai ce babu su ba. Akwai Kirisbus, wanda dā shugaban majami'ar Yahudawa ne. Akwai Istifanas mai gida da iyali. Akwai Gayus, wanda Romawa 16:23 ta nuna gidansa yana ɗaukar dukan ikkilisiya, a wannan aya kuma aka ambaci Arastas ma'ajin gari. Waɗannan 'yan kaɗan ne masu hali. Sauran kuwa masu aikin hannu ne, da 'yan ƙwadago, da bayi, gama a sura 7 Bulus yana magana kai tsaye da waɗanda aka kira su suna cikin bauta.

To, ga abu biyu da ya kamata mu riƙe, in ba haka ba ba za mu fahimci surar ba.

Na fari, ba su da ginin sujada. Gini mafi tsufa da aka sani wanda masu bi suka keɓe domin taro yana can Suriya, a wani gari da ake kira Dura, shi ma gidan zama ne aka gyara wajen shekara ta 240, kusan shekara 200 bayan Bulus. Korantiyawa a gidan ɗayansu suke taruwa, in kuwa dukan ikkilisiya za ta hallara, dole sai gidan mai hali. Na biyu, Jibin Ubangiji a wurinsu abinci ne sosai, na cika ciki. Ba ɗan gutsuren gurasa da ɗan kurɓi kaɗai ba kamar yadda muke yi yau. Aya ta 25 ta nuna Ubangiji ya ɗauki ƙoƙon ne bayan an ci jibi, haka su ma suke bi: a gutsuttsura gurasa, a ci abinci, a sha ƙoƙo, duka a zama ɗaya. Shi ya sa a aya ta 21 zai yiwu wani ya tashi da yunwa, wani kuma ya bugu. Da ɗan ƙoƙonmu na yau ba wanda zai bugu.

Yanzu sai mu shiga gidan. Masu haƙa ƙasa domin binciken tarihi sun tono wani gidan mai arziki na zamanin Romawa a gefen Koranti, a wurin da ake kira Anafuloga. Wani malamin Littafi Mai Tsarki, Jerome Murphy-O'Connor, ya kawo awonsa a littafin da ya wallafa a 1983. Ɗakin cin abinci mita 5 da rabi ne a faɗi, mita 7 da rabi a tsawo. Tsakar gidan kuma mita 5 da mita 6, a irin waɗannan gidaje kuwa akan bar rufin a buɗe a tsakiya, da wurin tara ruwan sama a ƙasa, wanda yakan ci wani sashi na filin. Manyan Romawa ba a zaune suke cin abinci ba, a kishingiɗe suke ci. Al'adarsu gado uku ne a ɗaki, mutum uku a kowane gado, mutum 9 ke nan. Malamin ya ƙirga sunayen masu bi na Koranti da aka ambata a Sabon Alkawari, ya haɗa da matansu da iyalansu, ya kimanta ikkilisiyar za ta kai mutum 40 zuwa 50. Ka ga lissafin: 9 a ɗaki a kan gado, sauran 30 ko 40 a tsakar gida, a zaune a ƙasa ko a tsaye.

Ba a ce a wannan gida suka yi sujada ba. Waɗansu masana ma sun nuna cewa adon daɓen gidan ya zo bayan zamanin Bulus, kuma mai yiwuwa ne waɗansu tarurrukan an yi su a shago ko a ɗakin bene. Gidan misali ne kawai na yadda gidan mai hali yake. Amma ko da wane irin gida ne, tambayar tana nan: wa zai shiga ciki, wa zai tsaya waje? Maigida abokansa zai jawo kusa da shi, waɗanda yake ciniki da su, waɗanda suka saba cin abinci tare. Ba ya bukatar mugunta kafin ya yi haka. Abin da ya tashi ya tarar ke nan.

Ba wurin zama kaɗai ba, har abincin ma bambanta shi ake yi. Wani babban Barome mai suna Filini Ƙarami ya rubuta wa abokinsa wasiƙa wajen shekara ta 100, yana ba da labarin wata liyafa da ya je. Maigidan ya sa an kawo wa shi da 'yan kaɗan abinci mai kyau, sauran jama'a kuwa aka ba su na banza. Ruwan inabi ma kashi uku ya raba shi: na shi da manyan baƙi, na ƙananan abokai, da na 'yantattun bayi. Filini bai ji daɗin abin ba, ya ce shi a gidansa abu ɗaya yake ba kowa. Wannan mutum ba mai bi ba ne, amma ya ga abin kunya a ciki. Labarinsa ya nuna mana abin da mutane suka ɗauka daidai ne a zamanin.

Sai kuma maganar lokaci. Mu mun saba Lahadi ranar hutu ce, amma sai a shekara ta 321 Sarki Kustantin ya kafa wannan doka. A zamanin Bulus ranar aiki ce kamar kowace rana. Mai hali yana iya rufe harkarsa da la'asar, ya yi wanka, ya iso da wuri da kwandon abincinsa. Bawa fa? Sai ubangidansa ya sallame shi. Ɗan dako a tashar jirgin ruwa sai an gama sauke kaya, sa'an nan ya kama tafiya da ƙafa zuwa cikin gari.

Ka sa kanka a matsayin wannan bawa. Tun asuba kake aiki. An gaya maka cewa a cikin Almasihu babu bawa babu ɗa, ka gaskata, an yi maka baftisma da ruwa ɗaya da maigidan nan. Ka iso da duhu, hannunka wayam, gama ba ka da abin kawowa. Ka tarar na cikin ɗaki sun ci sun ƙoshi, ana ta dariya, muryar waɗansu ta fara nauyi saboda ruwan inabi. Aka nuna maka gefen bango a tsakar gida. Abin da ya rage, in ya rage, shi ne naka. Daga nan sai a miƙo ƙoƙo a ce dukanmu ɗaya ne. Yaya za ka ji?

Wannan ne labarin da ya kai kunnen Bulus a Afisa, shi ne kuma ya sa ya ce taronsu ɓarna yake kawowa, ba gyara ba. Dubi aya ta 20 zuwa 22. Ya ce abin da suke ci bai cancanci a kira shi Jibin Ubangiji ba, gama kowa nasa jibin yake ci. Ya tambaye su ko ba su da gidajen da za su ci su sha a ciki. Tsaya nan kaɗan. Wa ake yi wa irin wannan tambaya? Bawa ba shi da gida. Masu gida ake yi wa ita. Sa'an nan ya ambaci laifin da sunansa, kashi biyu: sun raina ikkilisiyar Allah, sun kuma kunyata waɗanda ba su da kome. A dukan sashen nan daga aya 17 zuwa 34 ba wani zunubi da Bulus ya ambata sai wannan. Bai yi maganar mugun tunani ba, bai yi maganar wanda ya kasa yin addu'ar safe ba.

To, da wannan a zuciya, mu komo kan ayarmu. Wane jiki ne ba su gane ba?

Yawancinmu da mun ji kalmar sai hankalinmu ya tafi kan gurasar da ke kan tebur, mu ce ma'anar ita ce mutum ya tuna wannan ba gurasar shayi ba ce, alamar jikin Yesu ce. Akwai dalilin da ya sa muke ji haka. Juyin Turanci na Sarki Yakubu, na shekara ta 1611, wanda masu mishan da yawa suka tashi da shi, yana da ƙarin kalmomi biyu a wannan aya: ya ce jikin na Ubangiji ne, ya kuma sa maganar ci da rashin cancanta. Amma kofe mafi tsufa na Helenanci ba su da waɗannan biyu a aya ta 29. Akwai wani kofen wasiƙun Bulus da aka rubuta da hannu wajen shekara ta 200, wanda aka samo a Masar, masana suka sa masa lamba 46. Akwai kuma manyan kofe biyu na ƙarni na 4, ɗaya a ɗakin littattafai na Batikan, ɗaya aka samo a gidan masu ibada da ke gindin Dutsen Sina'i. Dukansu uku jiki kawai suka ce, ba ƙari. A na Sina'i ma ana iya ganin inda wani hannu dabam ya zo daga baya ya ƙara kalmomin. Ba da mugun nufi aka yi ba. Mai kofe ya ga kalmomin a aya ta 27, inda suke tun asali, sai ya maimaita su a nan domin ya taimaki mai karatu. Shi ya sa za ka ga juyi ya bambanta da juyi a wannan wuri.

Ka lura da wani abu kuma. A aya ta 26, da 27, da 28, Bulus yana tafiya da abu biyu biyu: gurasa da ƙoƙo, jiki da jini. A aya ta 29 ya ambaci ci da sha, amma da ya zo kan abin da ba a gane ba, jiki kaɗai ya ce, bai ce jini ba. Mutumin da yake zaune a Koranti yana jin ana karanta wasiƙar daga farko zuwa ƙarshe, ba aya aya ba (gama lambobin sura da aya sun zo ne fiye da shekara 1,000 bayan haka), ya riga ya ji a sura 10 aya 17 cewa da yake gurasar guda ce, su ma duk yawansu jiki guda ne. Kaɗan a gaba kuma, a sura 12, zai ji cewa Yahudawa da Helenawa, bayi da 'ya'ya, an yi musu baftisma cikin jiki ɗaya, ido ba shi da ikon ce wa hannu ba ya bukatarsa, gaɓoɓin da ake gani kamar raunana su ne ba a iya yi sai da su. Ayarmu tana tsakanin waɗannan biyu. Maigidan da ke kishingiɗe a ɗaki, da ya ji an ce bai gane jikin ba, ai ya san inda aka dosa. Jikin yana tsakar gidansa, a zaune a ƙasa, da yunwa.

Gaskiya ne ba dukan malamai suka tsaya a nan ba. Akwai manyan masana da suke riƙe da cewa jikin Ubangiji da aka bayar a kan gicciye ake nufi, gama shi aka ambata a aya ta 24 da ta 27. Hujjarsu tana da ƙarfi, ban kuwa ga dalilin yin faɗa a kai ba. A ganina Bulus bai raba su ba. A sura 8 aya 11 da 12 ya riga ya koya musu cewa ɗan'uwa rarrauna mutum ne wanda Almasihu ya mutu dominsa, wanda kuwa ya yi masa laifi, Almasihu ya yi wa. Gurasar tana shelar Ubangiji wanda ya ba da kansa domin waɗansu. Mutumin da ya karɓe ta da hannun dama, yana ture ɗan'uwansa da hannun hagu, bai san abin da yake riƙe da shi ba. Ko ta wace hanya ka bi, a ƙofa ɗaya za ka fito: alamar da ta nuna Korantiyawa ba su gane jikin ba ita ce yadda suka yi da matalautansu.

Kalmar rashin cancanta da ke aya ta 27 ma haka take. A Helenanci tana bayyana yadda aka ci ne, ba ta bayyana mai cin ba. Kamar a ce mutum ya yi tuƙi da ganganci: maganar a kan tuƙin take. Da cancantar mutum ake nema, da ba wanda zai matso kusa da teburin nan, daga fasto har mai shara. A daren da aka kafa Jibin, waɗanda suka ci su ne waɗanda suka watse suka bar Ubangiji kafin gari ya waye.

Me ya sa muka daina jin ayar haka? Domin abincin ya fita daga cikin sujada. Wajen shekara ta 150, Yustin Shahidi ya bayyana sujadar Lahadi a Roma: karatu, wa'azi, addu'a, sa'an nan gurasa da ruwan inabi da ruwa, a kuma tara baiko domin marayu da gwauraye. Ba maganar cikakken abinci a ciki. A ƙarni na 4 wani taron shugabannin ikkilisiya a Lawudikiya ya hana yin bukin ƙauna a cikin ɗakin sujada. Da kowa ya koma karɓar gutsure daidai da na ɗan'uwansa, laifin Koranti ya daina ganuwa a kan tebur. Mai karatu ya ga gargaɗi mai tsanani, bai ga laifin da ya jawo shi ba, sai ya juya ya shiga tonon zuciyarsa. Masu taushin lamiri su ne suka fi jin tsoro, su ne kuwa sau da yawa waɗanda Bulus ya tashi kāre wa.

Kada wani ya ji wannan ya ce to, an buɗe ƙofa ke nan, kowa ya yi abin da ya ga dama. A'a. Bulus ya yi maganar mai zunubin fili wanda ya ƙi tuba, ya kuma ce a fitar da shi, amma a sura 5 ya yi ta. A sura 10 ya ce ba a haɗa teburin Ubangiji da teburin aljanu. Horon ikkilisiya yana da tushensa, ba kuwa wannan aya ce tushen ba. Gwada kai da aya ta 28 ta umarta shi ma yana nan daram. Sai dai duba yadda ayar ta ƙare: mutum ya gwada kansa, sa'an nan ya ci. Gwajin hanyar zuwa tebur ne. Hukuncin da aka ambata kuma, aya ta 32 ta fassara shi: horo ne daga Ubangiji domin kada a hallaka mu tare da duniya. Tsohon juyin Turancin nan ya sa kalma mai nufin hallaka ta har abada a aya ta 29, ta kuwa tsorata mutane da yawa, alhali Bulus ya bambanta horo da hallaka a fili. Game da ciwo da mutuwa na aya ta 30, manzo ne yake faɗar abin da ya faru da wata ikkilisiya guda. Bai ba mu izini mu tsaya a bakin gadon marar lafiya a Shika ko Wusasa mu ce Jibi ne ya kama shi ba.

Yanzu bari mu kawo ta gida. Ikkilisiyoyinmu na wannan yanki sun yi kama da ta Koranti fiye da yadda muke zato. A benci ɗaya za ka sami malamin jami'a daga Samaru, da hafsan soja, da ma'aikaciyar asibiti, da ɗan acaɓa, da mai gadi, da yarinyar da aka kawo daga ƙauye tana aikin gida, da manomi wanda Hausa kaɗai yake ji. A ce ran Lahadin Jibi mutum biyu suna cikin wannan taro. Ta fari gwauruwa ce mai tuyan ƙosai. Ta yi fushi da ɗanta ran Alhamis, ta faɗi maganar da ta yi nadama, ta roƙi gafara, amma har yanzu tana jin ba ta isa ba, ga shi kuma ba ta biya kuɗin zumuntar mata ba wata uku. Ta tashi ta fita. Na biyu mutum ne mai hali, ana girmama shi. Mai gadinsa ɗan ikkilisiyar nan ne, yana bin sa albashin wata biyu, yarinyar gidansa kuma ba ta taɓa zuwa sujadar safe ba domin ita ce mai dafa abincin da za a tarar in an taso. Bai sha giya ba, bai yi zina ba, ya duba zuciyarsa bai ga kome ba. Ya miƙa hannu ya karɓa.

In aka karanta aya ta 29 ba tare da Korantiyawa ba, matar ta yi daidai, mutumin ma ya yi daidai. In aka karanta ta da kunnen waɗanda aka fara rubuta wa, an juya ke nan. 'Yar'uwa, ke da kika fita, dawo ki zauna, ba ke ake kora ba. Kai kuma ɗan'uwa, ba a ce ka gudu ba, gama gudun ba zai biya mai gadi ba. Ka biya shi, ka sake tsarin gidanka yadda yarinyar nan za ta sami zuwa sujada, ka zo ka ci.

Mu dattawa da masu hidima kuma, tun da abinci ya bar teburin Jibi, sai mu bi shi inda ya koma. Ya koma bikin Kirsimeti, da godiyar kaka, da liyafar aure, da taron sallamar fasto. Ku duba abin da yakan faru a can. Akan kafa babban tebur a gaba, da kaji da lemon kwalba, a shigar da manyan baƙi ofis ko gidan fasto su ci a faranti. Sauran jama'a su yi layi a rana, a ba su shinkafa a leda, in ta kai kansu. Matan da suka kwana a bakin murhu sau da yawa ƙanzo ne rabonsu. Na san girmama baƙo da na gaba al'adarmu ce mai kyau, ba kuwa ina cewa a daina ba dattijo kujera ba. Amma kujera dabam, tukunya dabam. Sa'ad da aka dafa tukunya biyu a taron ikkilisiya, ɗaya ta manya ɗaya ta talakawa, to, mun koma gidan da Filini ya je liyafa.

Maganin da Bulus ya bayar a aya ta 33 da 34 ba shi da wuya, har ma yakan ba mutum mamaki bayan irin wannan tsawa. Bai ce su yi azumi ba, bai ce su rage yawan cin Jibi ba. Ya ce in sun taru domin ci, su jira juna. Kalmar da ya yi amfani da ita tana iya ɗaukar ma'anar karɓar mutum kamar yadda ake karɓar baƙo, don haka waɗansu suka fassara ta da marabtar juna. Duka biyu sun dace da gidan da muka gani: kada na ɗaki su fara sai na tashar jirgin ruwa sun iso, in sun iso kuma a karɓe su a matsayin baƙin Ubangiji. Wanda yunwa ta matsa masa har ba zai iya jira ba, ya ci a gidansa kafin ya zo. Sauran al'amuran, in ji Bulus, zai daidaita su sa'ad da ya iso.